Oga biyu a kan ma'aikaci ɗaya: wa zai raba gardama?

A kamfanoni da yawa a Legas, daga bankunan Victoria Island zuwa masana'antun Ikeja da Apapa, idan ka tambayi ma'aikaci wane ne ogansa, sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Yana da shugaban sashe wanda ya ɗauke shi aiki, yana kuma da manajan wata kwangila ko wani kaya wanda kullum shi ke ba shi umarni. A jikin zanen tsarin kamfani an ja masa layi biyu zuwa sama, ɗaya miƙaƙƙe mai kauri, ɗaya na ɗige-ɗige. Wannan shi ne tsarin da ake kira matiriks. Kamar saƙar tabarma yake, kaba tsaye da kaba kwance: sassan sana'a suna tsaye, wato injiniyoyi da akantoci da masu sayo kaya, ayyuka kuma suna ratsa su a kwance, kowane aiki yana ɗibar mutanen da yake buƙata daga kowane sashe.

Ra'ayina a kan wannan tsari shi ne yana da amfani na gaske, amma kamfani ba shi da haƙƙin jan layi na biyu a kan ma'aikaci sai ya rubuta wa ke yanke hukunci a kan me, da kuma wanda zai raba gardama idan ogannin biyu sun saɓa, da tsawon lokacin da zai yi hakan. Inda ba a yi wannan ba, rigimar da ya kamata manya biyu su zauna su kashe ta, sai ta gangaro kan ƙarami, wanda ba shi da ikon cewa kowa a'a.

Tsohuwar ƙa'idar gudanarwa ma ba ta yarda da oga biyu ba. Henri Fayol, injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Faransa, ya rubuta a 1916 cewa kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya tak. Abin da ya karya wannan ƙa'ida shi ne aikin ƙera jiragen sama da na sararin samaniya a Amurka cikin shekarun 1960. Gwamnati tana ba da kwangila, tana so ta san mutum ɗaya da za ta kama idan aiki ya makara, kamfani kuma ba zai iya tarwatsa ƙwararrun injiniyoyinsa ya rarraba wa kowace kwangila nata na dindindin ba. Sai aka bar injiniyoyi a sassansu, aka naɗa manajan aiki a kan kowace kwangila. Wato tun asali larura ce ta haifi tsarin, kuma wanda ba shi da irin wannan larura bai kamata ya ɗauko wa kansa shi don ado ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, tunda a cikin lissafi ne ake ganin riba da asara. Lambobin na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce akwai kamfani a Ikeja mai ma'aikata 60, yana haɗa wa masana'antu da asibitoci wutar sola da janareta. Yana da kwangila 4 a hannu lokaci guda: a Lekki, da Apapa, da Ogba, da Ikorodu. Kowace kwangila tana da manajanta, wanda ke riƙe da kasafin kuɗi da ranar miƙa aiki. Akwai kuma shugaban sashen injiniyoyi, wanda ke da alhakin ingancin aiki da horar da mutanensa. A cikin injiniyoyin akwai ƙwararre guda a kan gwaji da na'urorin kariya, shi ne ke auna kebul, ya gwada wayar ƙasa, ya saita na'urar da ke katse wuta idan an sami matsala. Ba a kunna wuta a ko'ina sai ya sa hannu.

Kowace kwangila tana buƙatar wannan mutum kamar awa 10 a mako. Idan babu matiriks, sai kowane manaja ya ɗauki nasa, a biya mutum 4, kowannensu yana aikin kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa. A ce albashin kowane naira 600,000 ne a wata, an tashi da miliyan 2.4. Da mutum ɗaya da ake rabawa, an rage miliyan 1.8 kowane wata. Bayan kuɗin akwai wata riba da ta fi shi daɗewa. Injiniyan da ke zagaya wuri 4 yana ganin matsala iri-iri, kuskuren da ya gano a Apapa ba zai bari a maimaita shi a Lekki ba, kuma da yake yana zaune cikin 'yan'uwansa injiniyoyi, akwai babba da ke duba aikinsa da idon sana'a. In kwangilar Ogba ta ƙare, ba a sallame shi ba, yana da gidan komawa. Manajan aiki kuma ya sami abin da mai kwangila ke so, wato mutum ɗaya da za a kira a tambaya ina aka kwana. Waɗannan fa'idodi ba ƙanana ba ne, shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a yi watsi da tsarin ɗungurungum ba.

To amma a duba lissafin nan da kyau. Awa 10 sau 4 ta ba da awa 40, daidai da makon aiki, a takarda komai ya zauna. A kan titin Legas kuwa ba haka abin yake ba. Wanda zai tashi daga Ikorodu ya je Lekki, ko ya shiga Apapa lokacin da manyan motoci suka jeru, ya san awa 2 ba komai ba ce. A ce sauyin wuri sau 4 a mako ya cinye awa 8. Taron sashe awa 1, taron kowace kwangila minti 45, wato awa 3, an sake cin awa 4. Rahoto biyu da zai rubuta, ɗaya ga shugaban sashe ɗaya ga manajoji, kowanne da irin fom ɗinsa, a ce awa 2. Abin da ya rage na ainihin aiki awa 26 ne, ana kuma binsa 40. Kowane mako akwai giɓin awa 14 da babu wanda ya gan shi, domin kowane manaja awa 10 ɗinsa kawai yake kallo, kuma a ganinsa bai nemi abin da ya wuce kima ba.

Ina awa 14 ɗin nan take fitowa? Daga Asabar da Lahadin injiniyan, daga barcinsa, ko kuma daga gwajin da zai taƙaita ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Na ukun nan shi ne mai haɗari. Idan wata 6 suka wuce aka fara jin manajoji huɗu suna ƙorafin cewa mutumin ba ya cika alƙawari, sai ofishin kula da ma'aikata ya ba shi takardar tuhuma, wadda ake kira kweri. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Laifin yana wurin wanda ya raba lokacin mutum kashi 25 sau 4 ba tare da ya cire hanya da taro ba.

Gyaran wannan ɓangare ba shi da wuya. Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙe jadawalin lokacin injiniyan, kuma shugaban sashe ne ya dace, tunda shi kaɗai ke ganin buƙatun huɗun a haɗe. Manajoji su miƙa buƙatarsu ta mako mai zuwa ranar Alhamis, ya fitar da jadawali ranar Juma'a. A riƙa rabawa da yini cikakke, kada a ce safe Apapa yamma Lekki. Kada kuma a cika jadawalin fiye da yini 4 cikin 5, a bar guda don abin da zai taso. In an yi wannan lissafi da gaskiya, kamfanin misalinmu zai gane cewa mutum biyu yake buƙata, ɗaya ya riƙe Lekki da Apapa, ɗaya Ogba da Ikorodu. Ragin da aka samu ya sauko daga miliyan 1.8 zuwa 1.2 a wata, amma shi ne ragin da ba a ci da gumin wani ba.

Rabon lokaci shi ne ƙaramar matsalar. Babbar tana zuwa ne ranar da ogannin biyu suka ba da umarni masu karo da juna, kuma kowannensu yana da gaskiya. A ce kwangilar Lekki ta naira miliyan 240 ce, kuma an rubuta tarar jinkiri ta kashi 0.5 cikin 100 a kowane mako, wato miliyan 1.2. Ranar miƙa aiki Juma'a ce. Kaya sun makara a tashar jiragen ruwa, aka gama haɗawa daren Laraba. Cikakken gwaji yana cin yini 3, saura kuma yini 2. Manajan aiki ya kira injiniyan ya ce: a yi gwajin da ya zama dole, a kunna ranar Juma'a, sauran a ƙarasa mako mai zuwa. Shugaban sashe ya ce: ba a kunna komai sai an gama duka, ƙa'idar kamfani ke nan. Manajan yana kare kuɗin kamfani da mutuncinsa a idon mai kwangila. Shugaban sashe yana kare rayukan mutane da kayan miliyoyi da za su iya ƙonewa. An ɗora kowannensu a kujerarsa ne domin ya faɗi abin da ya faɗa ɗin nan.

Wannan saɓani ba alamar lalacewar tsari ba ne. Don shi aka gina tsarin, domin a tilasta wa kamfani ya auna sauri da inganci a fili, maimakon ɗaya ya danne ɗaya a ɓoye. Abin tambaya shi ne a teburin wa za a auna. A kamfanin da bai shirya ba, ogannin biyu ba sa ma yi wa juna magana. Kowanne yana kiran injiniyan a waya, ɗaya da ƙarfe 8 na dare, ɗaya bayan sallar asuba. Shi kuma gaba kura baya sayaki: in ya bi manaja, shugaban sashe mai cika masa fom ɗin ƙarin girma ya ji haushi, in ya bi shugaban sashe, a rubuta cewa shi ya jawo tarar miliyan 1.2. Hukuncin da ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba ya faɗo a kansa.

A nan tarbiyyarmu takan ƙara wa abin nauyi. Yaron da ya taso a Agege ko Idi-Araba, ko ya zo daga Kano ko Sakkwato neman aiki, an koya masa kunya da kawaici, ba ya musu da babba. Ya ce wa wannan “to, ranka ya daɗe”, ya ce wa wancan “an gama, yallaɓai”, yana fatan Allah ya kawo mafita kafin Juma'a. Ofisoshin Legas ma gaba ɗaya haka suke, oga ba a ce masa a'a. Ladabi abu ne mai kyau, ba na kiran kowa ya yar da shi. Amma tsarin oga biyu an gina shi ne a kan zaton cewa ƙarami zai iya buɗe baki ya ce umarnin nan biyu ba sa haɗuwa. Inda al'ada ta hana shi faɗa, dole kamfani ya mayar da faɗar ta zama wajibi a rubuce, yadda wanda ya faɗa ba za a ce ya yi rashin kunya ba, aikinsa ya yi.

Ga yadda nake ganin ya kamata a rubuta. Shafi ɗaya ya isa. A jera hukunce-hukuncen da ake yawan saɓani a kansu, a gaban kowanne a sa suna ɗaya tak. Abin da za a yi da ranar da za a gama da kuɗin da za a kashe, na manajan aiki ne. Yadda za a yi shi, da wanda za a tura, da mizanin ingancin da ba a sauka ƙasa da shi, na shugaban sashe ne. Hutun shekara, shugaban sashe ke sa hannu bayan ya tuntuɓi manajoji. Kuɗin mota da na ƙarin lokaci, manajan da aka yi wa aikin ne ke biya daga kasafinsa. Horo da ladabtarwa, shugaban sashe. Masu amfani da jadawalin rabon alhaki da ake kira RACI sun san ƙa'idar: masu yin aiki da masu ba da shawara za su iya yawa, amma wanda alhaki ke wuyansa a kowane layi ɗaya ne. Duk layin da ka ga an rubuta “su biyun tare”, to an ɗage faɗan ne zuwa wata rana.

Da wannan shafi, rigimar Lekki ta sauya kama. Mizanin gwaji na shugaban sashe ne, don haka manaja ba shi da ikon umartar a taƙaita shi. Ranar miƙawa da kuɗi kuma nasa ne, don haka yana da ikon neman a ƙara hannu. Injiniyan zai aika saƙo ɗaya ga su biyun: “Ranku ya daɗe, gwajin yini 3 ne, saura yini 2. Ina ci gaba da cikakken gwaji har sai kun ba ni matsaya guda.” Daga nan maganar ta bar hannunsa. Su biyun su zauna cikin awa 24. Sau da yawa a nan ake gano hanya ta uku da injiniyan shi kaɗai ba zai iya buɗewa ba: a janyo abokin aikinsa daga Ogba na yini 2, a yi gwajin kebul da na na'urorin kariya a lokaci guda, manajan Lekki ya biya kuɗin ƙarin lokaci, a ce naira 150,000, a tsira daga tarar miliyan 1.2. Manajan Ogba zai yi asarar yini 2, shi ya sa dole a sanar da shi kuma a rubuta cewa za a rama masa. In sun kasa daidaitawa, magana ta hau wurin wanda ke sama da su duka, shi ma a ba shi awa 24.

Wannan matakin na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa, alhali ko tsarin mulkin ƙasa bai manta da shi ba. Kwamishinan 'yan sandan jiha yana ƙarƙashin Sufeto Janar, amma sashe na 215(4) na kundin 1999 ya ba gwamna damar ba shi umarni na halal a kan tsaron jama'a. Sashen ya ƙara da cewa kafin ya aiwatar, kwamishina zai iya neman a kai maganar ga shugaban ƙasa ko ministan da aka ba wannan iko. Gwamnoni sun daɗe suna kukan cewa wannan ya bar su da sunan shugaban tsaro babu cikakken iko, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin lura a nan shi ne an faɗi inda gardama za ta je. Kamfanoni da yawa suna jan layi biyu ba tare da sun yi ko wannan ba.

Sai dai duk abin da aka rubuta a shafin nan zai zama banza idan fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara ya ƙaryata shi. Ma'aikaci ba ya bin zanen da ke bango, yana bin wanda alƙalaminsa ke taɓa albashi. Idan shugaban sashe shi kaɗai ke ba da maki, manajan aiki ya zama mai roƙo, sai ya yi ta lallashi ko ya riƙa kai ƙara sama kafin a yi masa aiki. Wannan shi ne abin da masu gudanar da ayyuka ke kira matiriks mai rauni. Idan kuma manaja ne ke riƙe da kuɗi da maki duka, an sami mai ƙarfi, kuma a nan inganci ne ke shan wahala, domin babu injiniyan da zai tsaya a kan ƙa'ida gaban wanda ke riƙe da ƙarin girmansa. Na tsakiya, wanda ake raba iko daidai, shi ya fi daɗin faɗa, shi ya fi wuyar riƙewa. Kana so ka san wanne kamfaninku yake yi? Tambayi wa ke sa hannu a hutu, wa ke riƙe da kasafi, wa ke cika fom ɗin ƙarin girma.

A aiki irin na misalinmu, inda kuskure zai iya kashe mutum, ni zan ba shugaban sashe kashi 60, manajoji kashi 40, a raba kason manajojin gwargwadon awannin da aka yi wa kowanne. A ce shugaban sashe ya ba da maki 4 cikin 5, manajoji suka ba da 2. Lissafi ya ba da 2.4 da 0.8, jimla 3.2. Amma kada a tsaya a kan 3.2 ɗin nan a ce an yi adalci. Tazarar maki 2 tsakanin oga biyu a kan mutum ɗaya tana nuna cewa ba abu ɗaya suke nema daga gare shi ba, ko kuma ɗayansu yana hukunta shi a kan bin umarnin ɗayan. Ƙa'ida ta zama cewa in tazara ta kai haka, su zauna da jami'in kula da ma'aikata su daidaita kafin ma'aikacin ya ga fom ɗin. Mafi kyau ma, tun farkon shekara su biyun su sa hannu a kan manufofi guda, kada su wuce 5 ko 6, maimakon kowanne ya ba shi nasa jerin.

Su ma ogannin a duba yadda ake auna su. Idan ladan manaja ya rataya a kan ranar miƙa aiki kawai, na shugaban sashe kuma a kan rage kuɗin sashensa kawai, an riga an haɗa su faɗa tun daga sama. A sa wani kaso na makin shugaban sashe ya dogara da ko kwangiloli sun gama a kan lokaci, wani kaso na makin manaja kuma ya dogara da yawan gyaran da aka koma yi bayan miƙa aiki.

Adalci ne a faɗi cewa ba kullum ma'aikaci ne ake zalunta ba. Akwai wanda ke samun mafaka a tsakanin oga biyu: ya ce wa na Lekki yana Apapa, ya ce wa na Apapa yana Lekki, shi kuwa yana can yana aikin kansa. Jadawali ɗaya da kowa ke gani yana toshe wannan ƙofa kamar yadda yake kare mai gaskiya.

Alamomin cewa tsarin ya fara ruɓewa ba ɓoyayyu ba ne. Za ka ga kowane ɗan saƙo ana saka mutum 8 a ciki, domin kowa yana tara shaidar kare kansa. Taron da mutum 4 za su gama sai ya koma na mutum 12, a tashi ba a yanke komai ba. Idan ka haɗa kason lokacin da aka rubuta wa mutum ɗaya a ayyuka daban-daban, ka sami kashi 130 ko 150. Shugaban kamfani, wanda ya kamata ya ji rigima ɗaya ko biyu a wata, sai ga shi yana raba gardama a kan wa zai ɗauki motar ofis. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ban tsoro: wata da watanni babu rigimar da ta hau sama ko ɗaya. Wannan ba ya nufin zaman lafiya, yana nufin ana kashe ta a ƙasa, a kan mutanen da ba su da ikon kashe ta.

Stanley Davis da Paul Lawrence, waɗanda suka yi nazarin tsarin a ƙarshen shekarun 1970, sun kafa sharuɗɗa 3 kafin a shige shi: a sami matsin lamba daga waje da ke tilasta kula da abu biyu lokaci guda, aikin ya zama mai sarƙaƙiya da yawan sauyi, sannan a sami ƙwararru ko kayan aiki masu tsada da dole a raba. Kamfanin misalinmu ya cika ukun. Amma mai rarraba kaya iri ɗaya daga sito a Mile 12 zuwa shaguna, da ma'aikata 25, bai cika ko ɗaya ba, oga ɗaya da taron safiyar Litinin sun ishe shi. Ko manyan ma sukan ja da baya. ABB, wanda aka kafa a 1988 daga haɗewar ASEA ta Suwidin da Brown Boveri ta Suwizalan, ya yi suna da tsarin da kowane manaja ke amsa wa shugaban kamfanin a ƙasar da yake aiki da kuma shugaban irin kasuwancinsa na duniya. Bayan kimanin shekara 10, kamfanin ya rage ɓangaren yankuna ya ƙara wa layin kasuwanci ƙarfi.

Ko inda sharuɗɗan suka cika, ba kowa ne ya kamata a ɗora wa layi biyu ba. A kamfani mai mutum 60, wataƙila mutum 10 ko 12 ne ake rabawa da gaske: ƙwararrun injiniyoyi, mai sayo kaya, akantan kwangiloli, jami'in kiyaye haɗari. Leburori da masu haɗa waya da direbobin da ke wuri ɗaya wata da watanni, a bar su da oga ɗaya har aikin ya ƙare. Sabon ɗauka ma a bar shi da shugaba ɗaya a shekararsa ta farko, sai ya san mutane ya san ƙa'ida kafin a sa shi tsakanin manya biyu.

Wanda kuma ake yi wa tayin aiki aka ce masa zai riƙa amsa wa mutum biyu, yana da damar yin tambaya cikin ladabi kafin ya sa hannu: “Yallaɓai, wane ne zai cika mini fom a ƙarshen shekara, kuma kashi nawa ne na kowannensu? Wa ke tsara mini mako? Idan umarninsu ya saɓa, wa zan kai wa, kuma wanne zan bi kafin amsa ta zo?” In an amsa, ya roƙi a sa amsar a cikin takardar ɗaukar aiki ko a bayanin aikinsa, da sunan muƙamin kowane oga da kason makinsa. In aka ce masa ai duk ɗaya ne, za su daidaita a tsakaninsu, to ya nemi ganawa da su biyun a zama ɗaya kafin ranar fara aiki, ya maimaita tambayoyin a gabansu, ya rubuta abin da suka amince da shi, ya aika musu su tabbatar.